Daga Ina Nauyin Gawayi Ya Fito? Yadda Ake Mayar da Rubutun Lacca Tambayoyin Gwada Kai

A littafin kusan kowane ɗalibi da ya yi darasin nazarin halittu akwai shafin da ke bayanin yadda shuka ke haɗa abincinta. Malam ya faɗa, ɗalibi ya rubuta: ganye yana ɗaukar iskar kabon dayoksaid daga sarari, saiwa tana zuƙo ruwa daga ƙasa, hasken rana ya ba da ƙarfi, sai a sami sukari, iskar oksijin kuma ta fita. A ƙarƙashin bayanin akan ja layi a rubuta ƙa'idar:

6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂

Ɗalibai suna haddace wannan tsaf, ko cikin barci aka tashe su za su kawo shi. Amma ka ɗauko dunƙulen gawayin ƙirya irin wanda maƙera ke hura wuta da shi, ka ɗora a kan tebur, ka tambaye su daga ina nauyinsa ya fito. Na sha yin haka a aji, kuma amsar da ta fi fitowa da sauri ita ce: "Daga ƙasa mana, Malam." Wanda ya faɗi haka shi ne dai ya rubuta ƙa'idar nan jiya ba kuskure ko ɗaya. Ƙa'idar tana zaune a kansa, tsohon tunanin ma yana zaune, kowanne a ɗakinsa, ba su taɓa haɗuwa a tsakar gida ba.

Wannan rata tsakanin abin da aka haddace da abin da aka yarda da shi, ita ce tambaya mai zaɓi za ta iya tonawa idan an tsara ta da kyau. Ina nufin tambayar nan mai amsoshi A, B, C, D, irin wadda ake yi a jarrabawar JAMB, wadda ɗalibai ke kira canki-canka. Sunan ya nuna yadda aka ɗauke ta, kuma laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Yawancin irin waɗannan tambayoyi da ake rubutawa don bita, amsa ɗaya ce kawai aka yi tunani a kanta, wato ta daidai. Sauran ukun ciko ne da aka jefa don a cike gurbi. Ni kuwa a ganina aikin yana cikin ukun nan ne. Amsar daidai rubutun lacca zai ba ka ita kyauta. Amsoshin ruɗi kuwa ba sa cikin littafin, sai ka fita ka nemo su a bakin mutane.

Bari mu bi shafin nan mataki-mataki, mu ga yadda ake yi.

Abu na farko shi ne zaɓar abin da ya cancanci tambaya. Ba kowane layi na rubutun lacca ne ke ɗauke da rashin fahimta ba. Layin da ya ce sunan koren sinadarin da ke cikin ganye kulorofil, abu ne da ko ka sani ko ba ka sani ba. Babu wani ɓoyayyen tunani da ke jayayya da shi a zuciyar ɗalibi. Irin wannan ka rubuta shi a 'yar takarda, tambaya a gaba amsa a baya, ya wadatar. Layin da kake nema shi ne wanda ke faɗin dalili, ko wanda ya saɓa wa abin da ido ke gani kullum. Cewa jikin bishiya daga iska aka gina shi, wannan ya saɓa wa ido, domin iska ba ta da nauyi a hannu, ƙasa kuwa tana da shi. A laccar awa guda, da wuya ka sami irin waɗannan layuka fiye da uku zuwa biyar. Ka yi musu alama, ka bar sauran.

Daga nan sai a sauya wa layin riga. Idan ka kwafo kalmomin littafin yadda suke ka cire guda ɗaya, ka ce shuka tana haɗa sukari daga ruwa da me, to abin da kake aunawa shi ne ko idon ɗalibi ya saba da shafin. Zai tuna yadda layin yake, ya cike gurbin, ya wuce da tsohon tunaninsa lafiya lau. Sai ka ɗauke maganar daga shafin ka kai ta wurin da littafin bai ambata ba: gawayi, turmi, ƙyauren ɗaki, karan dawa da aka jingine bayan girbi. A nan hadda ba ta da abin kamawa, dole mutum ya fito da abin da ya yarda da shi.

Yanzu ga inda aka fi yin sakaci. Kafin ka rubuta A, B, C, D, ka yi tambayar a buɗe, babu zaɓi ko ɗaya. Malami zai iya raba 'yan takardu a minti biyar na ƙarshen darasi, ya ce kowa ya rubuta amsarsa da dalilinsa a layi biyu, ba sai ya sa suna ba. Rashin sunan yana da muhimmanci, don wanda ke tsoron a yi masa dariya zai kwafo littafi ne kawai. Idan an tattara, sai a zauna a ware su tsibi-tsibi kamar mai tsince wake. Za ka ga amsoshin kuskure ba su da yawa kamar yadda kake zato. Mutum sittin ba sa yin kuskure iri sittin. Sukan taru ne a kan iri uku ko huɗu. Waɗannan tsibin su ne amsoshin ruɗinka, kuma ka riƙe kalmomin da ɗaliban suka yi amfani da su, kada ka goge su ka mayar da su harshen littafi.

Ba sabuwar dabara ba ce. A jami'ar jihar Arizona ta Amurka, David Hestenes da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna yi wa ɗaliban fiziks tambayoyi a buɗe suna kuma hira da su a kan motsi da ƙarfin da ke jawo shi. Daga amsoshin ɗaliban suka gina gwajin da suka wallafa a 1992, wanda har yau ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Kowace amsar ruɗi a cikinsa tana wakiltar wani tunani da aka ji daga bakin ɗalibai na gaske, misali cewa abu ba zai ci gaba da tafiya ba sai da wani ƙarfi da ke tura shi. Shi ya sa ɗaliban da ke warware lissafi mai wuya suka riƙa faɗuwa a tambayoyin da ba su da lissafi ko kaɗan.

A wurinmu akwai wani ƙarin abu da ya kamata a kula da shi. Laccar da Turanci ake yin ta, a Nijar kuma da Faransanci, amma tunanin da ɗalibi ya taso da shi da Hausa yake. Idan ka tambaye shi da harshen lacca, zai ɗauko maka jimlar lacca. Ka tambaye shi da Hausa, a ƙarƙashin darbejiyar bakin aji, sai ainihin abin ya fito. Na taɓa yi wa kawuna, manomi ne tun tasowarsa, wannan tambayar a gona lokacin da ake zuba taki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko kake tambayata? Taki ai shi ne abincin gona. Ka hana ta ka gani." Maganarsa tana da tushe, domin gonar da ba ta sami taki ba kowa ya san yadda take komawa. Kuma wannan maganar ce ɗalibi ya ji tun yana yaro, ita ce ke zaune a ƙarƙashin ƙa'idar da ya haddace. Kalmar abinci ita ce mahaɗar rikicin. A bakin manomi tana nufin abin da aka zuba wa shuka. A littafi tana nufin sukarin da shukar ta haɗa da kanta.

To, a ce mun tattara takardun mun ware su. Ga tambayar da za ta fito:

An shuka ƙwayar ƙirya, bayan shekaru ta zama babbar bishiya. An sare ta, an busar da icen har ruwan jikinsa ya fita duka, sannan aka auna. Mafi yawan nauyin busasshen icen daga ina ya samo asali?

A. Daga sinadaran ƙasa da saiwa ta zuƙo
B. Daga ruwan da bishiyar ta sha
C. Daga iskar da ganye ya ɗauka
D. Daga hasken ranar da ganye ya kama

Amsar ita ce C, kuma ƙa'idar da ke shafin ita ce hujja. Idan aka raba nauyin sukarin nan gida 180, kabon ya ɗauki 72, oksijin 96, haidirojin 12. Kabon da oksijin ɗin daga iskar kabon dayoksaid suka zo, wato 168 cikin 180, sama da kashi 90 cikin 100. Haidirojin ne kaɗai rabon ruwa. Da wannan sukarin bishiya ke gina icenta, kuma kusan rabin nauyin busasshen ice kabon ne tsantsa. Baƙin gawayin da ke ɓata hannu, a iska yake yawo kafin ganye ya kama shi, duk da cewa wannan iskar ba ta wuce kusan kashi huɗu cikin dubu goma na iskar da muke shaƙa ba.

Amma abin da ya sa tambayar ta zama ta kirki yana cikin sauran ukun. Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: wanda ya zaɓi wannan, me yake tunani? Idan ba ka iya faɗin haka a jimla ɗaya ba, wannan amsar ciko ce, cire ta.

Mai zaɓar A yana kan ra'ayin kawuna. Yana ganin shuka tana cin ƙasa kamar yadda akuya ke cin harawa. Maganinsa ba sake karanta ƙa'idar ba ne, don ya riga ya haddace ta. Maganinsa a tuna masa da murhu: ka ƙona damin ice, dubi 'yar tokar da ta rage. Wannan tokar ita ce mafi yawan abin da ƙasa ta bayar na ma'adinai, sauran ya koma iska inda ya fito. Ko a tuna masa da lissafin gona: buhunan taki nawa aka zuba, buhunan masara nawa aka kwashe, ban da kara da totuwa? Takin yana ba da naitirojin da fosfaras da fotashiyam, waɗanda shuka ba ta yi sai da su, kamar yadda miya ba ta yi sai da gishiri, amma ba gishiri ne ya cika tukunyar ba.

Mai zaɓar B ya fi kusa, kuma kuskurensa yana da daɗaɗɗen tarihi. Wani masani ɗan birnin Brussels, Jan Baptist van Helmont, ya dasa wani icen bakin ruwa da ake kira wilo, mai nauyin kusan kilo biyu da kwata, a cikin tukunya mai busasshiyar ƙasa kusan kilo 91. Shekara biyar yana ba shi ruwa kawai. Da ya sake aunawa, icen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai wuce giram sittin ba. An wallafa wannan a 1648, bayan rasuwarsa. Ya gane cewa ba ƙasa ba ce, sai ya yanke hukunci cewa ruwa ne. Iska ba ta shiga lissafinsa ba. Ɗalibin da ya zaɓi B ya taka matakin da van Helmont ya taka, saura masa ɗaya, kuma bai kamata a yi masa bayani iri ɗaya da mai A ba.

Mai zaɓar D ya saurari lacca, ya ji ana ta nanata muhimmancin haske, sai ya haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba: ƙarfin da ake aiki da shi, da kayan da ake gini da su. Wuta ce ke dafa tuwo, amma nauyin tuwo na gari da ruwa ne. Irin wannan kuskure laccar ce da kanta ta haife shi, kuma yakan fito daga ɗalibai masu ƙoƙari. Idan malami ya ga D ta yi yawa, ya san a bayaninsa ne zai gyara.

Ka ga ke nan tambaya ɗaya ta raba aji gida huɗu, kowane gida da abin da yake bukata. Da a ce mun rubuta ciko, misali mu sa ƙwari ko tsuntsaye a matsayin A da B, da ɗalibin da bai fahimci komai ba zai ture su gefe ya cinka tsakanin biyun da suka rage, rabin lokaci ya dace, mu kuma mu ɗauka ya gane.

Akwai binciken da ya nuna cewa sanin waɗannan kurakurai ba ƙawa ba ce ga malami. A 2013 Philip Sadler na jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun wallafa nazarin da suka yi a kan malaman kimiyya 181 da ɗalibansu sama da 9,000. Sun ba malaman tambayoyin da aka ba ɗaliban, suka ce su faɗi amsar daidai, su kuma faɗi amsar kuskuren da suke ganin ɗalibai za su fi zaɓa. A tambayoyin da ke da sanannen kuskure, ɗaliban malaman da suka iya hango kuskuren sun fi ci gaba a kan ɗaliban malaman da amsar daidai kawai suka sani.

Bari mu koma kan kalma ɗaya a cikin tambayar, wato busasshe. Ba don ado aka sa ta ba. Ɗanyen ice sau da yawa kusan rabin nauyinsa ruwa ne, tumatir kuwa ya haura kashi 90 cikin 100. Da mun ce nauyin bishiya kawai, da B tana da bakin magana, kuma ɗalibin da ya fi kowa tunani shi ne zai zaɓe ta, mu kuma mu ja masa jan biro bisa zalunci. Amsar ruɗi dole ta zama mai jan hankali ga wanda bai fahimta ba, amma kuskure ƙarara ga wanda ya fahimta. Idan masana biyu za su yi gardama a kanta, tambayar ce ba ta da lafiya. Shi ya sa nake ba wani abokin aiki tambayoyina ya amsa ba tare da na nuna masa amsa ba, in ce masa ya nemo mini hanyar da za a kare B ko D. Idan ya samo, sai in koma in gyara.

Sauran cututtukan tambaya mai zaɓi ƙanana ne amma suna tona asiri. Mai rubutu yakan yi wa amsar daidai dogon bayani don ya kare ta, sai ta fi sauran tsawo, ɗalibai kuma sun daɗe da gano wannan. Dubi amsoshin da ke sama, tsawonsu kusan ɗaya, kuma duka da kalmar daga suka fara. Idan da Hausa kake rubutawa, ka kula da jinsi: tambayar da ta ce "wace ce" alhali uku daga cikin amsoshin sunayen namiji ne, ta riga ta ba da amsa. "Duk na sama" ma a guje ta, don wanda ya tabbatar da biyu ya gama. "Babu ko ɗaya" kuwa, ko ɗalibi ya zaɓe ta daidai, ba ka san abin da yake ganin shi ne amsar ba. Kuma ka riƙa sauya gurbin amsar, kada ta zauna kullum a C.

Idan kurakurai biyu kawai ka samo daga takardun ɗalibai, ka tsaya a zaɓi uku. Kada ka ƙirƙiro na huɗu don tambayar ta yi kama da ta jarrabawa. Michael Rodriguez ya tattara binciken shekara tamanin a kan wannan batu, ya wallafa a 2005, sakamakon kuwa shi ne zaɓi uku sun wadatar a yawancin lokuta, domin na huɗu da na biyar galibi babu mai kallonsu. Lokacin da za ka ɓata wajen ƙago su, gara ka rubuta wata tambayar da shi.

Shafin nan zai ba da ta biyu ba tare da wahala ba. Oksijin ɗin da ganye ke fitarwa, daga ina yake? Yawancin ɗalibai za su ce daga kabon dayoksaid, suna ganin shuka ta cire kabon ta riƙe, ta saki sauran. Yadda aka rubuta ƙa'idar ma yana taimaka wa wannan zato, don ido yana ganin CO₂ a hagu da O₂ a dama sai ya haɗa su. Gaskiyar ita ce daga ruwa yake, kamar yadda Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu suka nuna a 1941 ta amfani da wani nau'in oksijin mai nauyi da ake iya bin sawunsa. A nan babban kuskure ɗaya ne, sai wani ƙarami na masu cewa daga dukansu biyun ne. Zaɓi uku ke nan, kuma tambayar ta cika.

Bayan an ba aji tambayar, aiki bai ƙare da ƙirga waɗanda suka ci ba. Sai a ƙirga kowane zaɓi. Mu ɗauka, don misali kawai, aji ne mai ɗalibai 60, kuma a tambayar ƙirya 27 sun zaɓi A, 10 sun zaɓi B, 16 sun zaɓi C, 7 sun zaɓi D. Malamin da ya tsaya a kan cewa 16 ne suka ci zai ce darasin bai shiga ba, ya maimaita shi yadda ya yi shi jiya. Wanda ya dubi 27 ɗin nan ya san da wa yake kokawa, gobe zai shigo aji da toka a leda. Ma'aunin da masu wannan sana'a suka saba amfani da shi shi ne, amsar ruɗin da ba ta ja kashi biyar cikin 100 na masu amsawa ba, ba ta aiki. A ajin mutum 60, ke nan wadda ba ta sami mutum uku ba. Ko a sauya ta, ko a cire ta.

Akwai dubawa ta biyu. Ka jera takardun bisa jimillar maki na gwajin duka, ka ware kashi 27 cikin 100 na sama da irinsa na ƙasa, wato mutum 16 a kowane ɓangare. A ce 10 daga na sama sun zaɓi C, biyu kawai daga na ƙasa. Bambancin takwas ne, ka raba da 16 ka sami 0.5, alamar tambayar tana bambanta wanda ya gane da wanda bai gane ba. Idan kuwa ka ga na saman sun fi na ƙasan tururuwa zuwa wata amsar ruɗi, ka tsaya. Ko dai ka yi kuskure wajen sa amsar, ko kalmomin tambayar suna da fuska biyu. Da mun manta da kalmar busasshe, a nan ne asirin zai tonu, don za mu ga masu ƙoƙarin ajin sun taru a B.

Ɗalibin da ke karatu shi kaɗai ba shi da takardu sittin da zai ware, amma ba a rufe masa ƙofa ba. Ya rufe littafin, ya rubuta bayanin da ka, sannan ya buɗe ya kwatanta. Duk inda ya kauce, wannan kaucewar ita ce amsar ruɗinsa ta farko, kuma babu wadda ta fi ta daraja, don tasa ce. Tsofaffin takardun gwajinsa da aka yi wa jan biro suna cike da irinsu. Ya tambayi abokan karatu uku ko huɗu a buɗe, ya tambayi ƙanensa da ke sakandare, ya tambayi mutanen gida. Matsalarsa ɗaya ce: shi ya rubuta tambayar, ya san amsar tana C. Don haka ya rubuta amsoshin a wani shafi daban, ya ajiye tambayoyin kwana uku ko mako guda kafin ya amsa, ko kuma ya yi musaya da aboki, kowa ya amsa na ɗan'uwansa.

Sannan a gefen kowace amsa ya rubuta ko ya tabbata ko cinka ya yi. A tambaya mai zaɓi huɗu, wanda bai san komai ba yana da damar dacewa sau ɗaya cikin huɗu, don haka amsar da aka ci da cinke ba ci ba ce, a mayar da ita cikin waɗanda za a sake bi. Wadda ta fi bukatar kulawa ita ce wadda ka tabbata kuma ka faɗi. Wannan ba mantuwa ba ce, wani tunani ne ke zaune daram a gurbin na gaskiya. Malami ma zai iya toshe ƙofar cinke ta hanyar ƙara wa tambayar hawa na biyu, inda ɗalibi zai zaɓi dalilin amsarsa, kuma ba a ba da maki sai hawa biyun sun yi daidai.

Akwai haɗarin da ba zan ɓoye ba. Amsar ruɗi mai kyau ƙarya ce da aka yi wa kwalliya, kuma ɗalibi yana karanta ta. Henry Roediger da Elizabeth Marsh sun nuna a 2005 cewa ko da yake irin wannan gwaji yana ƙarfafa tunawa, mutane sukan ɗauki wasu amsoshin kuskuren da suka gani su kawo su daga baya a matsayin gaskiya. A 2008 Andrew Butler da Roediger suka nuna cewa sanar da mutum amsar daidai bayan gwajin yana rage wannan illa. Don haka tambayar bita ba ta kammala ba sai an rubuta mata bayani, kuma ba na amsar daidai kaɗai ba. Kowane zaɓi ya sami layinsa biyu ko uku: me ya sa yake jan hankali, ina ya karye, wane ɓangaren rubutun lacca za a koma. A ƙarƙashin A na tambayar ƙirya, abin da nake rubutawa shi ne: "Taki yana da amfani, amma shuka kaɗan take ɗauka. Tuna tokar da ke saura bayan an ƙona ice. Koma kan ƙa'idar, ka nemo inda kabon ya shigo."

Bayan mako biyu ko uku sai a sake gwadawa, amma kada a maimaita ƙirya, don yanzu ita ma ta zama hadda. A kawo dankali, wanda ke girma a binne cikin ƙasa, inda jan hankalin A ya fi ƙarfi. A tambaya: an yanka shi an shanya ya bushe ƙayau, nauyin da ya rage daga ina? Zaɓin huɗu suna nan yadda suke, sai dai a sauya musu gurbi. Sannan a ɗauko ƙirgen farko a ajiye kusa da na biyu, a duba mutum nawa daga cikin 27 ɗin nan suka bar ƙasa, kuma ina suka koma: iska, ko ruwa.